Kwana uku a kan talabijin ɗin Alhaji

Ina shekara ta biyu a shagon gyaran kayan lantarki a Kano wani dattijo ya aiko mana da talabijin ɗinsa a bayan a-daidaita-sahu. Irin tsohon nan ne mai ƙaton baya, inci 21, ɗan Kwatano da aka shigo da shi daga Turai tun ina firamare. Lafiyarsa ƙalau. Abin da ya kawo shi, ɗan Alhajin ne ya aiko masa da ƴar na'urar kallo ta intanet, Fire TV Stick, wadda mu a shago muke ce wa sitik, don ya riƙa kallon tafsiri da labarai. Sitik bakinsa na HDMI ne, talabijin ɗin kuwa in ban da ramin eriya ba shi da komai sai ramukan AV guda uku, rawaya da fari da ja. Oga ya dube ni ya ce, "Wannan naka ne." Na ɗauka aikin rabin sa'a ne.

Kuskurena na farko a kasuwa na yi shi. Na sayo wata waya mai kan HDMI a gefe ɗaya, kawuna uku masu launi a ɗaya gefen, na jona, talabijin ya tsaya shuɗi yana kallona. Da Oga ya ga wayar dariya ya yi, ya ɗauki reza ya tsaga ta a gabana. Babu komai a ciki sai zaren tagulla. Ya ce, "To gaya mini, wa zai yi musu tafinta?" A nan na fahimci abin da duk aikin ya rataya a kai. HDMI lissafi yake turowa, sifili da ɗaya, a kan fil 19. Ramin rawaya kuwa igiyar lantarki guda yake jira, wadda ba ta wuce kimanin bolt 1 ba, tana hawa tana sauka, a cikinta aka cuɗa haske da launi da alamar da ke gaya wa talabijin inda layi ya ƙare da inda sabon hoto ya fara. Waya tsura ba ta iya mayar da wancan ya zama wannan. Dole a sami akwati mai ƙwaƙwalwa a ciki, wanda zai karɓi hoton, ya rage girmansa, ya sake gina shi da yaren tsohon talabijin. Shi ne kwambata.

Na koma kasuwa na karɓo kwambata, ƴar ƙarama kamar kwalin ashana biyu. Ramin HDMI a gefe, ramuka uku a ɗaya gefen, daidai yadda nake so. Na jona, shiru. Sai bayan la'asar na lura da rubutun da ke samanta: AV2HDMI. Wannan aikinta ta karɓi hoto daga tsohuwar na'ura, kamar bidiyo mai kaset, ta kai wa sabon talabijin. Wadda nake buƙata ita ce HDMI2AV. Kamarsu ɗaya, girmansu ɗaya, sau da yawa launinsu ma ɗaya, amma kowacce hanya ɗaya take bi, ba ta juyowa. Tun daga ranar ba na duba kwali, jikin akwatin nake dubawa: kalmar Input dole ta kasance kusa da ramin HDMI, Output kusa da ramuka ukun. Mai shagon da ya sayar mini ma bai san da bambancin ba, kuma ban ga laifinsa ba, don ni ma da nake aikin ban sani ba.

Washegari na zo da ta gaskiya. A cikin kwalinta akwai gajeriyar wayar USB, na ajiye ta gefe don na ga ƴar fitilar kwambatar ta kawo da zarar na soka sitik. Hoto ya zo, ya ɗauke, ya sake zuwa, kamar ana wasa da makunni. Dalili shi ne HDMI yana ba da bolt 5 a fil ɗaya, amma ɗan kaɗan ne, wajen miliamfiya 50, abin da zai isa na'urori biyu su gaisa kawai. Ya isa ya kunna fitila, bai isa ya riƙe kwambata tana aiki ba. Da na ba ta cajarta, na ba sitik tasa daban mai amfiya 1, ɗaukewar ta tsaya. Caja biyu ke nan a soket, kuma ban taɓa ganin an yi rowar ɗaya an zauna lafiya ba.

Yanzu hoto ya zauna, amma baƙi da fari ne, kuma lokaci-lokaci yana birgima daga ƙasa zuwa sama. Ni har na fara zargin talabijin ɗin, na ɗauko sukundireba zan buɗe bayansa. Oga ya riƙe hannuna. "Kafin ka yanka mara lafiya, ka tambaye shi me ke damunsa. Ba ka ga yana gaya maka ba?" Ya sa farce ya tura wani ɗan makunni a gefen kwambatar daga NTSC zuwa PAL. Launi ya cika allon nan take.

Wannan makunnin na fi daɗewa ina tunani a kansa, don shi ya koya mini karanta hoto. Tsoffin talabijin ba yare ɗaya suke ji ba. NTSC, tsarin Amurka da Japan, yana zana layi 525, yana sabunta allo kusan sau 60 a daƙiƙa. PAL, wanda Najeriya da yawancin Turai suka bi, layi 625 ne, sau 50 a daƙiƙa. Talabijin da aka gina wa 50 in aka ba shi 60 kuma bai iya kamawa ba, sai hoton ya riƙa zamewa, birgimar ke nan. Launi kuma hawa yake yi a kan wata siririyar igiya a cikin siginar, a megahaz 3.58 a NTSC, a 4.43 a PAL. Talabijin ɗin Alhaji a 4.43 yake neman launi, bai same shi a can ba, sai ya nuna abin da ya gane, wato haske kaɗai. Abin da ke ruɗar mutane shi ne yawancin talabijin da aka sayar sababbi a kasuwanninmu suna jin duka biyun, ko ina makunnin yake za su nuna launi. Shi ya sa mutum zai rantse maka kwambatar tana aiki a gidan maƙwabcinsa, kuma gaskiya ya faɗa. Akwai wani abu kuma da ke kawo baƙi da fari ba tare da birgima ba: a wasu talabijin akwai jerin ramuka kore da shuɗi da ja, in aka soka wayar rawaya a koren, haske zai fito babu launi, sai fa in an rubuta cewa ramin na aiki biyu ne.

Na ɗauka an gama. Da daddare ɗan Alhajin ya zo ya ɗauki sitik ɗin ya kai gidansa ya sa masa manhajoji a babban talabijin ɗinsa. Da safe ya dawo da shi, na jona, babu hoto sam, sai sandunan launi a tsaye da kwambatar ke nunawa idan ba ta karɓi komai ba. Sandunan nan sun rage mini rabin aiki, don sun shaida cewa daga kwambata zuwa talabijin komai lafiya, matsalar tana tsakanin sitik da kwambata. A ƙa'ida, da an jona su, kwambata takan miƙa wa sitik jerin girman hoton da take iya ɗauka, abin da ake kira EDID, shi kuma ya zaɓa. Amma a gidan ɗan an kafe sitik ɗin a kan 4K, kwambatar kuwa iyakarta 1080p. Ga kuma inda gizo ke saƙar: kana son canza saiti, amma ba ka ganin allon da za ka canza shi. A rimot ɗin Fire TV akwai mafita. In ka danne maɓallin sama da na mayarwa baya tare na kimanin daƙiƙa 5, sitik zai fara gwada girman hoto ɗaya bayan ɗaya, idan hoto ya bayyana sai ka tabbatar. Da hoton ya dawo na shiga Settings, Display & Sounds, Display, na kafe shi a 720p 50Hz. Na zaɓi 50 ne don ya dace da PAL, kada kwambata ta riƙa zubar da wasu hotuna tana sa motsi yana tsalle. Na zaɓi 720p ne don ramin rawaya ko da me aka ba shi layi 576 kawai zai nuna.

Sauti ma ya ɗan yi gardama. A wasu shirye-shirye yana fita, a wasu shiru. Sitik ne yake turo Dolby Digital, kwambata kuwa sauti mai hanya biyu kaɗai ta sani. A ƙarƙashin Audio na mayar da shi PCM, magana ta ƙare.

Akwai ciwo guda da bai same mu a wannan aikin ba, amma na haɗu da shi daga baya kuma ya ci mini yini. Shi ne HDCP, makullin da masu fina-finai suka sa a HDMI don hana kwafa. Sitik yakan tambayi abin da aka jona masa ko yana da izini, in amsa ba ta gamsar ba sai ya rufe hoto. Alamarsa ita ce jerin manhajoji ya fito tsaf, amma da ka danna fim allo ya yi baƙi, ko saƙo ya fito mai ɗauke da kalmar HDCP. Babu makunni ko saitin da ke gyara wannan. In cire wayoyi da sake jonawa bai yi ba, kwambatar ce ba ta iya gaisuwar ba, sai a gwada wata. Shi ya sa yanzu nake zuwa kasuwa da sitik ɗin, a gwada da fim na gaske kafin in biya.

Rana ta uku Alhaji ya zo da kansa. Na kunna masa, na kuma gaya masa gaskiya kafin ya tambaya. Hoton sitik mai faɗi ne, 16:9, allonsa kuwa 4:3, kwambatar tamu matse hoton take yi ya cika allo, don haka mutane sun yi tsawo sun rame. Gefunan ma tsohon talabijin yana ɗan cinye su, kusurwar menu ta ɓuya. Ƙananan rubutu kuma sun dusashe suna rawa, don an tsara su ne wa allo mai layi 1080. Na ce, "Baba, iyakar ƙoƙarinsa ke nan, ko wace kwambata aka sa ba zai wuce haka da yawa ba."

Ya gyara tabarau ya matso, ya kalli malamin da ke karatu a allon na ɗan lokaci. "Yaro, muryar tana fita?"

"Tana fita, Baba."

"To rubuta mini wace waya ke shiga wane rami, kada jikokina su cire in rasa kanta."

Na yanko farin salatif na naɗa wa kowace waya da lamba, na manna wani a kan makunnin PAL ɗin don kada yatsa ya taɓa shi, sannan muka ɗora talabijin ɗin a a-daidaita-sahu.