Talata: 'yan ko-ta-kwana biyar da suka zama uku

Ƙarfe 5:20 na asuba waya ta tashe ni. Mai gadin ɗakin kyamara na babban sito ba shi da lafiya, ga dutinsa zai fara ƙarfe 6. Mutum ɗaya ne a jiran ko-ta-kwana yau, shi kuma bai taɓa shiga ɗakin nan ba, bai san wace kyamara ke kallon wace ƙofa ba, balle yadda ake kashe ƙararrawa. A jadawali dai akwai mai canji, amma a ɗakin kyamara zamansa da rashinsa duk ɗaya.

Sai na yi musaya. Na ɗauko mai gadin ƙofar wani ofishi da muke tsarewa, wanda ya taɓa aiki a siton, na tura ɗan ko-ta-kwanan ƙofar ofishin, tunda can rajistar baƙi ce kawai. Kafin su isa, na roƙi na dare ya ƙara awa biyu. Awa 14 ke nan ya yi, don haka dole na jinkirta shigarsa ta yau da dare, wani ya riƙe masa farkon dutin. Giɓi ɗaya ya taɓa mutum huɗu.

Da hantsi manaja ya kira ni. "Malam, ba mutum biyar muka ba ka na ko-ta-kwana ba? Ina suke?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari mu lissafa." Wuraren tsayuwa 8 muke da su da ba a barin su dare da rana. Kowanne awa 168 ne a mako, wato duti 14 na awa 12. Duka duti 112. Mai gadi yana yin huɗu a mako, saboda haka mutum 28 ne ke riƙe da su cif, babu rara. To kowannensu yana da hutun mako huɗu a shekara. Mako 112 ke nan, in aka raba wa makonni 52, kullum mutum biyu da ɗoriya suna hutu. Biyu daga cikin biyar ɗin nan sunansu kawai ko-ta-kwana, aikinsu ya riga ya tabbata tun farkon shekara.

Saura uku. Su ma duti huɗu-huɗu suke yi, 12 ke nan, alhali mako yana da dare bakwai da yini bakwai. Sau biyu a mako babu kowa a jira, ban ma sa nasu hutun ba. Manaja ya yi shiru, ya ce in kawo masa a rubuce.

Da la'asar na zana tebur, sunayen masu canji a gefe, wurare a sama, na sa alama a duk inda mutum ya san aikin. Layin ɗakin kyamara alama ɗaya ce rak, mai ita kuma hutu yake. Ranar Alhamis zan tura ɗan ko-ta-kwanan yau ya zauna da mai gadin ɗakin ya koya, in dai babu wanda ya sake kira da asuba.