Malamai 120 Daga Makarantu Nawa? Abin da Muke Fara Tambaya Kafin Mu Karɓi Aiki

Sana'armu binciken jin ra'ayi ce. Ƙaramin kamfani ne, kuma aikin da ya fi zuwa mana shi ne na masu son sanin ko malaman makaranta sun gamsu da aikinsu. Kusan duk wanda ya shigo da magana ɗaya yake farawa: "Fom nawa za ku cike mana?" Ni kuwa sai in ce ranka ya daɗe, mu fara da yadda za a zaɓo waɗanda za su cike fom ɗin, domin a nan aiki yake gyaruwa ko ya lalace.

A ce yanki ne mai makarantu 200, kowace tana da malamai kusan 20, wato malamai 4,000, kuɗin mai aiki kuma na tambayar mutum 120 ne kawai. Da za a zuba sunayen malaman duka wuri guda a jefa ƙuri'a a ciro 120, kuskuren da za a iya samu bai wuce maki 9 sama ko ƙasa ba, a bisa tabbacin kashi 95 cikin ɗari da aka saba aiki da shi. Idan rabinsu suka ce sun gamsu, za mu ce gaskiyar tana tsakanin kashi 41 da 59. Amma waɗannan mutum 120 za su iya warwatsuwa a makarantu da yawan gaske, zirga-zirga ta cinye aikin. Shi ya sa mai aiki yakan ce a je makarantu 6 kawai a tambayi kowa da kowa, ai 120 ɗin ne dai.

A takarda 120 ne, a lissafi kuwa bai kai ba. Malaman makaranta ɗaya shugabansu ɗaya, azuzuwansu iri ɗaya, cunkoson ɗalibai ɗaya, kuma a ɗakin malamai ɗaya suke zama suna kai kukansu ga juna. Idan shugaban mai takura ne, goma sha biyar cikin ashirin za su faɗa maka abu guda. Malami na goma da ka tambaya a makarantar ba ya ƙara maka sani kamar yadda malami na farko a wata makaranta zai ƙara. Masanin ƙididdiga Leslie Kish ya shimfiɗa lissafin wannan asara tun 1965:

```
deff = 1 + (m - 1) * rho
```

A nan `deff` shi ne adadin da za a raba yawan fom da shi a ga ainihin ƙarfinsu, `m` yawan malaman da aka tambaya ne a kowace makaranta, `rho` kuma ma'aunin kamanceceniyar amsoshin malaman makaranta ɗaya, daga sifiri zuwa ɗaya. Mu ƙaddara `rho` ɗin 0.1 ne, don misali. Da malamai 20 a kowace makaranta, lissafin ya ba da 2.9. Raba 120 da 2.9, sai ka ga ƙarfin samfurin, wato mutanen da aka zaɓa, bai wuce na mutum 41 ba, kuskuren ya haura zuwa maki 15. Idan kuwa aka je makarantu 24 aka ɗauki malamai 5 a kowace, lissafin ya sauko 1.4, ƙarfin samfurin ya kai na mutum 86, kuskuren ya dawo kusan maki 11. Fom 120 ne a duka biyun, amma na biyu ya ninka na farko ƙarfi.

Wannan bayani ne nake shan wahalar yi wa masu ciniki. Sai mutum ya ce wani kamfani ya yi masa alkawarin fom 300 a rabin kuɗinmu. Na san yadda ake samo irin wannan 300 ɗin. A kai damin takardu ofishin shugaban makarantar da ke bakin titi, a ce ya raba wa malamansa, a dawo bayan kwana biyu a kwashe. Shugaba zai miƙa wa waɗanda yake ɗasawa da su, su kuma sun san ta hannunsa takardar za ta koma, to wa zai rubuta cewa bai gamsu da shugabancin makaranta ba? Araha ba ta ado. Ina gane irin waɗannan fom da ido: layin "na gamsu ƙwarai" an bi shi daga sama har ƙasa, biro iri ɗaya, wani lokaci ma rubutun hannu ɗaya a takardu biyar.

Wadda ta koya mini aikin nan ba ta taɓa barin mu taka ƙafa waje ba sai jerin sunaye ya kammala. Tun muna yara a harkar, za ta zaunar da mu mu bi rajistar malamai layi-layi da fensir, mu soke wanda aka yi wa canjin wurin aiki, mu ƙara sabon da sunansa bai shiga ba tukuna. Ita ce ta fara ba ni labarin mujallar Literary Digest ta Amurka, wadda a 1936 ta tara amsoshi sama da miliyan biyu ta ce Landon ne zai ci zaɓen shugaban ƙasa, sai ga Roosevelt ya lashe da gagarumin rinjaye. Jerin da suka zaɓo mutane daga ciki ya karkata ga masu hali, kuma mafi yawan waɗanda aka aika wa takardar ba su amsa ba.

Har yau tsarinta nake bi. Mukan fara kasa makarantu rukuni-rukuni, na gari da na karkara, manya da ƙanana, kowane rukuni ya samu rabonsa gwargwadon yawan malamansa. A cikin rukuni, ƙuri'a ce ke zaɓen makaranta. Mukan sa `=RAND()` a gaban kowane suna a Excel, mu jera su bisa lambar da ta fito, mu ɗauki na sama. Haka ma malamai biyar ɗin. Wanda ƙuri'a ta faɗa wa shi za a tambaya. In ba ya nan sai mu koma, ba ma maye gurbinsa da wanda muka tarar zaune a inuwa, domin malamin da ya yawaita fashi wataƙila shi ne wanda aikin ya fi isa. Kowa da ambulan ɗinsa, ya liƙe da kansa ya ba ma'aikacinmu hannu da hannu.

Duk da haka wasu ba za su amsa ba, kuma a nan ne nake dagewa a rubuta gaskiya. A ce cikin 120 mutum 72 ne suka amsa, 48 suka ce sun gamsu. Mai gaggawa zai buga kanun rahoto cewa kashi 67 sun gamsu. To sauran 48 da suka yi shiru fa? Idan dukansu ba su gamsu ba, adadin ya faɗo kashi 40. Idan dukansu sun gamsu, ya kai 80. Maki 11 ɗin can na sama ba ya rufe wannan giɓi ko kaɗan, shi kuskuren ƙuri'a kawai yake aunawa. Saboda haka mukan kwatanta waɗanda suka amsa da rajista: idan sababbin malamai kashi uku cikin goma ne a rajista amma ɗaya cikin goma a fom ɗinmu, mun san inda samfurin ya karkace, mu koma mu neme su.

Akwai kuma iyakar da babu ƙuri'ar da ke gyarawa. Rajista ta ƙunshi waɗanda suka zauna ne kawai. Malamar da ta gaji ta ajiye aiki bara ba ta ciki, alhali amsarta ce mai aiki ya fi bukata idan damuwarsa ita ce yadda malamai ke tafiya. Wannan sai a nemi jerin waɗanda suka bar aiki a yi musu bincike na daban. Haka nan in aka ce mu ware malamai mata na karkara masu koyar da lissafi, a samfurin 120 wataƙila mutum shida ne. Za mu kawo abin da suka faɗa da bakinsu, amma ba za mu mayar da mutum shida kashi cikin ɗari ba, ko da mai aiki ya matsa. Shafin farko na kowane rahotonmu yana ɗauke da yawan makarantu, yawan waɗanda aka zaɓa, yawan waɗanda suka amsa, da waɗanda jerin bai ƙunsa ba tun farko.