Abin da ke bayan kwalbar shamfu

Yanzu idan na ɗauki kwalbar shamfu a kanti ba na tsayawa kan hoton mai dogon gashi da ke gaba. Juya ta nake yi. A baya ake jera kayan haɗin, kuma wanda ya fi yawa shi ke zuwa farko, shi ya sa kusan kullum ruwa ne a sama. Bayan ruwa sai salfet, wato SLS ko SLES, masu kawo kumfa su wanke maiƙo. Ba sa maganin komai. Idan kuma da magani a ciki, za a ga sunansa, galibi da adadinsa a gefe, kamar 1% ko 2%. Kwalbar da ta ce tana kashe amosari amma babu sunan magani a bayanta, mayar da ita nake yi.

Abin da ya koya mini wannan kaina ne. Amosarina ba fari ba ne mai kakkaɓewa. Rawaya-rawaya ne, mai maiƙo, yana mannewa a fata, ga ƙaiƙayi mai hana sukuni idan na yi gumi a ƙarƙashin ɗankwali. Har gefen hanci da bayan kunne yake taɓawa. Wata mai harhaɗa magunguna ta leƙa tsagar kitsona ta ce, "Hajiya, wannan ba bushewa ba ce. Ƙwayar fangas ce mai cin maiƙon kai, ki rage lafta masa mai." Ta miƙo mini shamfu mai ketokonazol 2%.

A yadda ake wankin ne aikin yake. Na tsefe kai, na jiƙa, na riƙa tsagawa ina shafa shi a kan fatar kanta da tsokar yatsu, ban da farce. Sai a bar shi minti uku zuwa biyar kafin a ɗauraye, don wanda ya wanke nan take ya zubar da kuɗinsa a rariya. Ƙa'idarsa sau biyu a mako, na mako biyu zuwa huɗu, daga nan sau ɗaya a mako ko a mako biyu don kada ya dawo. Wannan ya yi wa mai kitso a kanta wuya, gaskiya. Ni haƙura na yi da ƙananan kitso a lokacin, na riƙa yin manyan kalaba masu sauƙin tsefewa. Shamfun yana busar da gashi sosai, don haka kondishina nake bi da shi, a jikin gashin kawai. Ƙaiƙayin ne ya fara lafawa, ɓawon ya biyo baya.

Wani maganin amosarin, zinki firitiyon, wanda yawanci 1% ne, ya fi sanyin hannu. Shi na ɗauko wa maigida, mai ɗan amosari kaɗan da ke wanke kai kusan kullum, kuma ya wadatar. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2022, shi ya sa ba a ganinsa a sababbin kwalaben da suka fito daga can. Seleniyam salfaid kuwa, mai 1% ko 2.5%, na amosari mai taurin kai ne da yawan maiƙo. Yana da wari, yana iya sauya launin furfura ko gashin da aka rina idan ba a ɗauraye sosai ba, kuma ba a sa shi a kan da ya yi rauni, kamar wanda rilaksa ta ƙona.

Lokacin hunturu 'yata kan yi wani garin fari, ƙanana, babu maiƙo babu ja. Wannan bushewar fata ce, kuma a nan ne salfet ke ƙara ɓata lamari. Shamfu marar salfet da ɗan man kaɗanya suka ishe ta.

Abin da na fi so iyaye su ji shi ne na yara. Idan gashin yaro ya kakkarye a zagaye guda, wurin ya yi fari-fari, makero ne, kuma ƙwayar tana can cikin saiwar gashi inda shamfu ba ya kai wa. Sai an je asibiti an sha magani na makonni. Likita kan haɗa da ketokonazol ko seleniyam salfaid, amma don rage yaɗuwa ga sauran yaran gida ne, tare da raba musu mataji da hula. Haka ma ɓawo mai kauri, fari kamar azurfa, da ya gangaro goshi ko ƙeya, ko kan da aka yi wata guda ana wanke shi bisa ƙa'ida bai sauya ba: wannan likitan fata ya kamata ya duba.