Jadawalin bitar kwasa-kwasai shida: inda na kwana

’Yan’uwa ɗaliban lauya, jadawalin jarrabawa ya fito, kuma kwasa-kwasai shida ne a gabana a wannan zangon. Ga yadda na tsara bitar da abin da na gani zuwa yanzu.

Daga ranar jarrabawa na faro ina lissafowa baya. Ban raba lokaci daidai wa daida ba, domin kwasa-kwasan ba nauyinsu ɗaya ba. Na tattara tambayoyin shekarun baya, na ware batutuwan da ke yawan dawowa, su na zuba a jadawalin. Wato ba na rubuta “Dokar Filaye, awa biyu”. Abin da nake rubutawa shi ne “amincewar gwamna, sashe na 22”. Wanda ya rubuta awa zai iya cinye ta yana kallon littafi, amma batu ko ka iya shi ko ba ka iya ba.

Ga yadda zama ɗaya yake tafiya. Bayan asuba na karanta sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wanda ya hana mai haƙƙin mallaka da gwamna ya bayar ya sayar ko ya jinginar da shi sai da amincewar gwamnan. Na haɗa da shari’ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989, inda Kotun Ƙoli ta ce sharaɗin ya hau har kan waɗanda suka mallaki filayensu na birni kafin dokar, ta kuma soke jinginar. Sai na rufe littafi, na ɗauko tsohuwar tambaya, na ba kaina minti 40: matsalar, dokar, ɗora ta a kan labarin, sannan hukunci. Duk inda alƙalamina ya tsaya nakan ja jan layi, batun ya sake shigowa bayan kwana uku. Idan ya fita sumul, sai bayan mako.

Kwas biyu nake taɓawa a rana, mai nauyi da safe, mai sauƙi bayan la’asar. Ba na haɗa biyu masu tarin sunayen shari’o’i a rana ɗaya, don cakuɗewa suke yi.

Rabon gado kam ba ya jiran layi. Kullum bayan isha’i sai na warware mas’ala biyu, domin lissafi ne, hannu na barinsa yake sanyi. Ta jiya: mace ta rasu ta bar miji da ’yan’uwa mata biyu shaƙiƙai. Asali 6, miji rabi wato 3, su kuma sulusi biyu wato 4. Jimilla 7, ta haura asali, sai a yi auli a raba dukiyar gida 7.

Yammacin Juma’a a buɗe na bar shi, don biyan bashin abin da ya kuɓuce. Wannan makon sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ne zai cike gurbin, wato sharuɗɗan karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta, domin jan layi ya yi masa yawa.