Yadda na hana kyamarar wasana sa mutane jiri

Wasan da nake haɗawa da manhajar haɗa wasanni ta Godot 4 irin na gudu da tsalle ne, faɗin allonsa fiksel 640, yaron cikinsa kuma yana cin fiksel 300 a sakan ɗaya. Masu gwada mini shi sun yi ta kukan jiri, wata ma ta ce zuciyarta tashi take yi. Da na bi diddigi, sai na ga duk inda kyamara ta motsa ba da umarnin hannun mai wasa ba, a nan ido ke wahala.

Na fara da santsin bin yaron. Na kashe `position_smoothing_enabled` na Camera2D, na rubuta nawa:

```
var w = 1.0 - exp(-k * delta)
position.x = lerp(position.x, buri, w)
```

`buri` shi ne inda kyamara ke son kaiwa, `k` kuma saurin da take kamo shi. Amfanin `exp` ɗin nan shi ne, ko allo na ba da firem 60 ko 144 a sakan, tafiyar kyamara ɗaya ce. Amma santsi na da farashi. Muddin yaro na gudu, kyamara na bayansa da tazarar da ta kai saurinsa a raba da `k`. Da `k` a kan 5, an bar ta a baya da fiksel 60 ke nan. Wato mai wasa ya fi ganin inda ya baro fiye da ramin da ke gabansa.

Shi ya sa na tura `buri` gaban yaron da fiksel 120, santsi ya cinye 60, saura 60 na hange. Sai dai da zarar ya juya, burin zai yi tsallen fiksel 240 lokaci guda, allo ya yi ta lilo, musamman a hannun masu taɓa hagu da dama kafin su yi tsalle. Na ba hangen nasa santsin daban, `k` a kan 2, kuma ba ya sauya ɓangare sai yaron ya ɗan jima yana tafiya can. Sama da ƙasa kuwa, kyamara ba ta bin tsalle sai ƙafarsa ta taka wani dandamali, ko in ya faɗa rami mai zurfi.

Ƙarfin girgizar allo kuma lamba ɗaya ce tsakanin 0 da 1. Kowane duka na ƙara ta, tana kuma raguwa da kanta. Ina ninka ta da kanta, sannan da fiksel 8. Ƙaramin duka na 0.3 bai ko kai fiksel ɗaya ba, fashewa ta 0.9 kuwa ta wuce 6. Ɓangaren da allo zai gusa ina ɗauko shi daga FastNoiseLite, don `randf()` a kowane firem fizga yake yi kamar mota a kan gargada. Girgizar a `offset` nake sa ta, kada lissafin santsi ya haɗiye ta, kuma ban yarda ta juya allo ba ko kaɗan. A saiti na bar maɓallin rage ta ko kashe ta gaba ɗaya.