Sakan 19 da na ƙi yarda da shi

Wannan makon zan miƙa makullin ɗakin gwajin fiziks, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lilo biyun nan na kusa da taga: dalma biyu masu nauyi ɗaya, kowace rataye a zare mai tsawon mita 1, da siririn sifirin a tsakaninsu.

Salon kaɗawarsu na asali biyu ne. In ka ja su gefe ɗaya ka saki, tare suke tafiya, sifirin ba ya miƙewa, zuwa da dawowa sakan 2.0. In ka ware su, ɗaya dama ɗaya hagu, sifirin yana taya janyo su, sai lokacin ya ragu zuwa 1.9. Kowane salo haka zai ci gaba, ba ya rikiɗa.

Amma ka riƙe ɗaya, ka ja ɗayan kaɗai, sannan ka sake su tare. Ka haɗa salon biyu ke nan, rabi da rabi. Da yake saurinsu ya ɗan bambanta, a hankali suke saɓa wa juna, sai lilon farko, wanda ka ja, ya riƙa lafawa, na biyun yana ɗaukar ƙarfin ta cikin sifirin, har na farkon ya tsaya cik. Lissafin da ke takardar gwajin shi ne T₁T₂/(T₁−T₂), inda T₁ da T₂ su ne lokutan salon biyu, wato 3.8 a raba da 0.1, sakan 38.

Wata ɗaliba ta kawo mini 19. Na ce ta sake, ta sake, 19 dai. Na zaftare mata maki, har na ce a gaban ƙawayenta ba ta iya riƙe agogo ba. Ta ce, "Malam, wallahi abin da na gani ke nan."

Sai da na tsaya ni kaɗai da yamma na gane. Ita daga sakin lilon farko zuwa tsayawarsa ta auna, lokacin da ƙarfin ya gama ƙaura ke nan. Shi kuwa 38 na tafiya da komowa ne, daga wata tsayawar lilo ɗaya zuwa tsayawarsa ta gaba. Takardar gwajin ba ta bambance ba. Wanda ya rubuta ta, da maganar ta kai gare shi, cewa ya yi ni ne ban iya karatu ba, kuma har yau bai gyara layin ba. Na mayar mata da makinta, na ba ta haƙuri a gaban waɗanda na kunyata ta.

Wanda zai gaje ni, kada ka auna kaɗawa ɗaya, auna 50 ka raba, domin 1.92 a madadin 1.90 yana mayar da 38 ya zama 48. In lilon farko ya lafa amma ya ƙi tsayawa sarai, duba zaren, ɗaya ya fi tsawo. Kuma a kashe fanka. Bayanin 19 da 38 na rubuta shi da hannuna, yana manne a cikin murfin durowa ta biyu.