Kafin ka kunna tanda, ka san burodi nawa ne zai fidda ka

Ɗan ƙanwata ya kawo mini kaye jiya da dare wai zai buɗe gidan burodi a Garin Malam, yana murna yace Kawu duba, burodi 100 kawai zan saida a rana in maida kuɗina. Ina ganin lissafin gabana ya faɗi, don irinsa na yi lokacin da na buɗe nawa a Zango kuma shi ya rufe mini shi.

Kuɗin da ba su motsi ko ka gasa ko ba ka gasa ba ya rubuta su daidai, haya 40,000, albashin yara biyu 60,000, wuta da ruwa 15,000, patanti da abin da ake ajewa don gyaran tanda 15,000, nashi albashi 50,000, duka 180,000 sefa a wata. Sai kuɗin da ke bin buhu, fulawa mai kilo 50 da yis da gishiri da sukari da mai da itace da leda da kuɗin mai babur da ke rabawa, ya sa 36,000, buhu kuma yana ba shi burodi 400, kenan kowane ya ci 90. Ya cire 90 daga 150, kuɗin da zai saida kowane burodi, saura 60, ya raba 180,000 da 60 ya samu 3,000 a wata, 100 a rana. Hanyar daidai ce, lambobin ne na mafarki.

Ni ma da 150 ɗin nan na yi nawa. To wa zai ba ka dala talatin? Wanda ya tako ƙofarka ya sayi guda ɗaya ne, kuma su nawa ne a rana. Masu shayi da masu tebur su ke kwashe kaya kuma a 125 suke ɗauka don su ma su ci. Wallahi na san haka tun ranar farko amma na ce ai kasuwa za ta buɗe, kuma gaskiya ba wanda ya zauna da ni ya nuna mini, babanmu fata yake saidawa a Birni bai san harkar fulawa ba, sannan lokacin da na fara ana sanyi ne, kowa na shan shayi da asuba, burodi baya kwana. Da zafi ya shigo sai na fara ganin mai babur yana dawowa da kwali, na jiya ya bushe ya yi tauri, masu shayi sun ce ba su biyan kwantai. Ga wanda ya ƙone a bakin tanda, ga wanda yara suka ci. A burodi 400 na buhu ɗaya da ƙyar nake karɓar kuɗin 360. Ban taɓa rubuta wannan ba, kullum akwai kuɗi a aljihu sai nake ganin riba ce, ashe kuɗin mai fulawa nake ci. Ko da yake shi ma fulawar ta yi tsada a shekarar, ba duka laifina ba ne, amma da na yi lissafi da na gani da wuri.

Sai na karɓi bik ɗinsa. 36,000 a raba da 360 da aka biya, kowane burodi ya ci 100. A cire daga 125 saura 25, dala biyar kacal, ita ce za ta biya haya da albashi. 180,000 a raba da 25 ya zama 7,200 a wata, 240 a rana, kuma wanda aka saida aka karɓi kuɗinsa nake nufi, sai ka gasa wajen 267 kafin ka kai nan. A 240 ɗin ba ka ci riba ko dala ba. In buhu ya ƙara 1,800 kawai, burodi ya koma 105, abin da ya rage 20, sai ka saida 300. Yaron yace Kawu ai ni zan yi talla a waya. Yaran yanzu kenan, ana nuna musu lamba suna latsa waya, wanda ya danna maka hoto ba shi zai zo da asuba ya ɗauki kwali ba.

Shawarata, kayi lissafi da kuɗin sari kuma ka raba da abin da aka biya ka. Ka je ka tambayi masu shayin unguwarku ɗaya bayan ɗaya nawa za su ɗauka kullum, in jimillar bata kai 240 ba kar ka biya haya. Itace ma kar ka yarda duka yana bin buhu, tanda sai ta yi zafi ko rabin buhu za ka gasa, don haka rabin buhu ya fi tsada a kowane burodi. Albashinka dole ya shiga lissafi, amma watannin farko kar ka taɓa shi, ka barshi ya sayi fulawa, na san na ce ka biya kanka to ni dai haka na gani. Duk ranar da kuɗin buhu ya canza ka sake lissafin a daren, kwantai kuma ka ƙirga shi da hannunka kafin mai babur ya tafi.